Cike Gurbi da Sauya Kalma a Jarrabawar Turanci: Me Ya Sa Haddace Ɗafi Ba Ya Fitar da Ɗalibi?

Tun da sakamakon WAEC na 2025 ya fito a watan Agusta, maganar faɗuwa a Turanci ta ƙi barin bakin iyaye. Da farko hukumar ta ce kimanin kashi 38 cikin 100 ne suka samu kiredit biyar haɗe da Turanci da Lissafi. Bayan 'yan kwanaki ta dawo ta ce an samu kuskure wajen makin, adadin ya koma kusan kashi 63. Gyaran ya kwantar da hankali, amma bai kashe tambayar da ake yi a ɗakunan lesin na Jos ba, daga Unguwar Rogo har Bukuru: yaron da ya san ma'anar kalma sarai, me ke sa ya kasa saka ta daidai a cikin jimla?

Amsar da aka fi ji ita ce bai haddace isassun kalmomi ba. Shi ya sa za ka buɗe littafin ɗalibi ka tarar da shafi uku an ja musu layi da rula, ɗafa-goshi da ake liƙa wa kalma a farko a hagu, ɗafa-ƙeya da ake liƙa mata a ƙarshe a dama, an jera su kamar lissafin bashi. Ya haddace su tsaf. Ka ba shi jimla mai gurbi, sai ya tsaya yana cizon biro. Matsalar tana wani wuri dabam, kuma nau'in tambayar da ya fi tona ta shi ne wanda ake ba ka kalma a ce ka sauya mata siga ta dace da gurbi.

## Yadda tambayar take

Ana kawo ɗan gajeren rubutu da aka cire wasu kalmomi daga ciki. A ƙarshen kowane layi mai gurbi akwai kalma guda da manyan baƙaƙe. Ba za ka ɗauko ta ka dasa yadda take ba, sai ka fitar da wata kalma daga jikinta. A wannan sigar aka san tambayar a jarrabawoyin Cambridge. A B2 First ita ce kashi na 3 na takardar karatu da amfani da harshe, gurbi 8, kowanne maki 1, a cikin takardar da take da tambaya 52 a minti 75. C1 Advanced ma tana da irinta, gurbi 8. Babu zaɓi na A zuwa D da za a yi canki-canka, kuma harafi ɗaya ya kuskure a rubutu, makin ya tafi.

WAEC da NECO da JAMB ba su kawo ta a wannan tsari ba. Su zaɓi suke bayarwa, wani lokaci kalmomi huɗu daga tushe ɗaya, a ce ɗauki wadda ta dace. Amma ƙwarewar da ake aunawa ɗaya ce. Wanda ya iya ta ba tare da zaɓi ba, in aka ba shi zaɓi wasa ne.

Kalmomin fannin ba su da yawa, kuma duk wanda ya yi nahawun Hausa a sakandare ya gamu da su. Saiwa ita ce tushen kalma. Abin da ake liƙa mata shi ne ɗafi: in a gaba aka liƙa, ɗafa-goshi ne, in a baya, ɗafa-ƙeya. Mu ma haka muke gina kalmominmu. Daga noma muka samu manomi da manomiya da manoma. Daga karanta muka samu makaranci da makaranta da karantacce. Babu Bahaushen da zai ce "karantacce ta tashi ƙarfe biyu" yana nufin makaranta, kuma ba don ya haddace jadawali ba ne. Jimlar ce take gaya masa irin kalmar da wurin yake nema.

A Turanci akwai wani rabon aiki da ya kamata a riƙe. Yawanci ɗafa-ƙeya shi ke sauya ajin kalma, ya mayar da aikatau suna, ko suna sifa. Ɗafa-goshi kuwa ma'ana yake taɓawa, ya bar ajin yadda yake: *happy* da *unhappy* duk sifa ne, sai dai sun juya wa juna baya. Akwai 'yan tsiraru da suka saɓa, kamar *en-* da ke mayar da *large* aikatau, *enlarge*. Amma rabon yana tsayawa a mafi yawan lokaci, kuma shi ke nuna cewa tambaya biyu ce a kowane gurbi: wane aji, sannan wace ma'ana.

## Gurbin ake fara kallo, kalmar daga baya

Kuskuren farko ido ne ke yin sa. Ɗalibi yana ganin manyan baƙaƙe a gefe sai ya tafi can, ya rubuta siga ta farko da ta faɗo masa a rai. Wanda ya ƙware yakan rufe kalmar da yatsa, ya karanta jimlar, ya duba maƙwabtan gurbin.

Alamomin a bayyane suke. In gurbi ya biyo bayan *the* ko *a* ko *his*, kuma babu wani suna a gabansa, suna ake nema. In yana tsakanin *the* da suna, sifa ce. In ya zo kafin sifa, ko kuma jimlar ta cika ko da an share gurbin, bayanau ne. In yana farkon jimla, waƙafi na biye da shi, nan ma kusan kullum bayanau ne mai sharhi a kan jimlar gaba ɗaya.

Ga misali da na tsara a kan noman dankali, da gurbi 6 maimakon 8:

```
Potato farming on the Plateau has seen steady 1 ____.      GROW
The cool climate makes it 2 ____ to young farmers.         ATTRACT
3 ____, disease destroys part of the harvest.              FORTUNE
Good seed has also become 4 ____ expensive.                INCREASE
The 5 ____ of farmers to store the crop makes them
sell cheaply,                                              ABLE
and only a few 6 ____ gain from this.                      BUY
```

Gurbi na 1 ya biyo bayan sifa, *steady*, kuma daga shi jimla ta ƙare. Sifa tana neman abin da za ta siffanta, saboda haka suna ne: *growth*. Ɗalibai da yawa sukan rubuta *growing*, don *-ing* ne ɗafin da ya fi saurin zuwa hannu. Abin lura shi ne, in har akwai cikakken suna daga wannan saiwa, shi masu jarrabawa suke so.

Na 2 yana bayan *makes it*, wurin da ake faɗin yadda abu ya zama. Sifa ce, *attractive*. Wanda ya sa *attraction* ya san ma'ana, aji ya kuskure. Wanda ya sa *attracted* ya samu aji, amma ya juya alkibla: ya mayar da noman shi ne aka jawo hankalinsa, alhali shi ke jawo hankalin matasa.

Na 4 mai sauƙi ne in an yi gwajin sharewa. Cire gurbin, jimlar tana tsaye da ƙafarta: iri ya yi tsada. To abin da ya ɓace ƙarin bayani ne a kan sifar *expensive*, wato bayanau. Sai dai ba a liƙa *-ly* kai tsaye a jikin aikatau. Sai an bi ta sifa tukuna, *increasing*, sannan *increasingly*. Taki biyu ke nan.

Na 6 tarkonsa ƙarami ne, amma yana cin mutane. Masu cin riba mutane ne, don haka *buyer*. To *a few* fa? Ga kuma aikatau *gain* babu *-s* a ƙarshensa. Shaida biyu sun nuna jam'i: *buyers*. Rubuta tilo a nan daidai yake da barin gurbin fayau, babu rabin maki.

Na bar na 3 da na 5 da gangan, domin su ne zuciyar maganar.

## Korewar da ke ɓuya a cikin labari

A gurbi na 3, farkon jimla da waƙafi sun riga sun ce bayanau. Daga *fortune* a je *fortunate*, a je *fortunately*. Nahawu ya gamsu. Amma karanta abin da ya biyo baya: cuta tana lalata amfanin gona. Wa zai ce "an yi sa'a, cuta ta cinye dankali"? Amsar ita ce *Unfortunately*, sauyi uku a kan saiwa ɗaya.

Na 5 ya fi shi wayo. *The* a baya, *of* a gaba, suna ne babu tantama: *ability*. Sai ka ci gaba da karatu ka ga manoma suna sayarwa da araha. Da suna iya adanawa, ai da sun jira farashi ya tashi. Rashin iyawa ne ya tilasta musu. Ɗalibi mai lura yakan gane haka, ya tuna *unable*, ya rubuta *unability*, kalmar da babu ita. Daidai shi ne *inability*. Turanci yana da irin waɗannan tagwaye, inda sifa take ɗaukar *un-* suna kuma ya ɗauki *in-*: *unjust* da *injustice*, *unequal* da *inequality*, *unstable* da *instability*.

Wata ɗaliba ta taɓa yi mini gardama a kan irin wannan gurbi. Ta ce, "Malam, ai jimlata daidai take, ba ta karya wata doka ba." Na ce ta fassara mini ita da Hausa da ƙarfi, ajin yana ji. Ta fara, "Iyawar manoma wajen adana dankali ita ke sa su sayar da..." sai ta tsaya, ta yi dariya, ta ɗauki biro. Wannan fassarar a zuci gwaji ne mai kyau, kuma ba ya cin daƙiƙa goma.

A ganina akwai dalilin da ya sa wannan tarko yake kama masu jin Hausa fiye da kima. Mu ba ma kore kalma da ɗafi. Kalma sukutum muke kawowa: lafiya, rashin lafiya, mai kunya, maras kunya. Korewarmu tana da jiki, ido yana ganinta. A Turanci haruffa biyu ne a goshin kalma, kuma babu abin da zai nuna maka rashinsu a cikin jimlar in ba ma'anar labarin ba. Shi ya sa ake cewa a karanta rubutun duka kafin a cike ko da gurbi ɗaya. Kalmomi irin su *but* da *although* da *despite* ƙararrawa ce: magana ta juya, mai yiwuwa gurbin ma ya juya. Da wuya ka ga rubutun gwaji na wannan kashi da babu ko da kalma ɗaya mai ɗafa-goshi. Wanda ya gama gurbi 8 bai sa ko ɗaya ba, ya kamata ya sake bi.

Dokar zaɓen ɗafin korewa tana taimakawa, amma da iyaka. *In-* yakan koma *im-* kafin p da m da b, *il-* kafin l, *ir-* kafin r: *impossible*, *illegal*, *irregular*. Ba wani abin mamaki ba ne, baki ne ke neman sauƙi, yadda muke rubuta "gidan Bala" amma a furuci sai mu ji "gidam Bala". Inda ake zamewa shi ne a ɗauka duk kalmar da ta fara da p *im-* za ta ɗauka. Dokar tana aiki ne kawai a kan kalmomin da dama can 'yan gidan *in-* ne. *Unpopular* da *unlucky* da *unreliable* suna nan daram da *un-* ɗinsu.

## Wani sawun Hausa a cikin Turancinmu

Akwai kuskure na biyu da yake da tushe a harshenmu. Abubuwa da yawa da Turanci yake faɗa da sifa, mu da suna muke faɗarsu. Muna cewa "yana da haƙuri", "aikin yana da wuya", "yarinya mai hankali". Haƙuri da wuya da hankali duk sunaye ne, "da" ko "mai" ne ke ɗaukar su su kai wa mutum. Idan ɗalibi ya ɗauki wannan tunani ya tsallaka da shi, sai ka ga *he is patience* a maimakon *he is patient*, ko *it is difficulty* a maimakon *it is difficult*. A takardun ɗalibai irin wannan ba baƙo ba ne.

Maganinsa ba ya buƙatar dogon darasi. Bayan *is* ko *was* ko *become* ko *seem*, in babu *a* ko *the*, a fara zaton sifa. In ana son suna, to aikatau ɗin ya zama *has*. Ɗalibin da aka nuna masa daga inda kuskuren ya taso yakan daina shi da wuri fiye da wanda aka ja wa jan biro kawai.

Kada kuma a amince wa *-ly* ido rufe. *Friendly* da *costly* da *lonely* sifofi ne. *Hardly* kuwa ba ta da alaƙa da ƙwazo, ma'anarta "da ƙyar", don haka wanda ya rubuta *he works hardly* yana son yabo, zagi ya yi.

## Inda ɗafi ya ƙare

Wasu kalmomi liƙa ɗafi kaɗai ba ya isar su, cikinsu ake sauyawa. *Long* ta koma *length*, *strong* ta koma *strength*, *high* ta koma *height*, *choose* ta koma *choice*. Jadawalin ɗafi ba shi da abin cewa a nan. Wanda bai taɓa gamuwa da su ba zai ƙirƙiro *longness*, kuma ba za a ba shi komai ba.

Sai rubutu. Saiwa takan zubar da harafi in ɗafi ya hau ta. *Pronounce* tana da *ou*, amma *pronunciation* ta yar da *o*. *Maintain* ta zama *maintenance*, *explain* ta zama *explanation*, *argue* ta zama *argument* babu *e*. Ɗafin *-ful* l ɗaya gare shi, sai an ƙara *-ly* suke zama biyu: *careful*, *carefully*. A goshi kuwa lissafi ne kawai, ɗafi da saiwa kowa ya riƙe haruffansa: *un-* da *necessary* sun ba da n biyu, *dis-* da *appear* sun ba da s ɗaya.

Abu na ƙarshe a wannan layi shi ne jam'in da babu shi. A allunan shaguna daga Terminus zuwa titin Bauchi a Jos za ka ga *equipments* da *furnitures* an rubuta su da fenti mai kyau. A kasuwa kowa ya gane, ciniki ya faɗa. A takardar jarrabawa waɗannan sunaye, da *information* da *advice*, ba sa ɗaukar *-s*.

## Masu hadda da masu karatu

Malaman Turanci sun kasu biyu a kan yadda za a koyar da wannan. Ɓangare ɗaya na cewa a ba yara jadawali su haddace: lokaci gajere ne, littattafai sun yi tsada, kuma yaranmu sun saba da hadda tun daga makarantar allo, me zai sa a bar baiwar da ake da ita? Ɗaya ɓangaren na cewa jadawali ɓata lokaci ne, a sa yaro karatu, jarida da labari da duk abin da ya samu, kunnensa zai koyi abin da ya dace.

Kowa yana da gaskiyarsa. Mai karatu da yawa ba zai taɓa rubuta *unability* ba, domin idonsa bai saba da ita ba, ko da ba zai iya faɗin dalili ba. Amma wannan gini ne na shekaru. Yaron da ya rage masa wata uku ya zauna jarrabawa ba za a ce masa ya je ya karanta littafi hamsin ba. Masu hadda kuma kuskurensu ba haddar ba ce, abin da ake haddacewa ne. Sanin cewa *-ness* da *-ity* da *-ment* da *-tion* duk suna gina suna ba zai gaya maka wanne *able* take ɗauka ba.

Ni dai ina tare da masu hadda da sharaɗi: a haddace dangin kalma, a bar jerin ɗafi. Shafi ɗaya, saiwa ɗaya, a jera 'ya'yanta: *succeed*, *success*, *successful*, *unsuccessful*, *successfully*, kowace da gajeriyar jimlar da ɗalibin ya gina da kansa. Dangi biyar a mako, waɗanda aka tsinto daga abin da ake karantawa a aji, sun fi shafi uku na ɗafi tsirara amfani.

## Abin da ya shafi iyaye da masu neman aiki

Asarar ba ta tsaya a tambayoyin zaɓi ba. A rubutun insha'i na WAEC, cikin maki 50 ana ware 10 don tsabtar rubutu, wato nahawu da haruffa da alamomin rubutu, kuma kowane kuskure ana zaftare wani abu daga ciki. Ɗalibin da yake musanya suna da sifa yakan cinye wannan kaso tun bai kai tsakiyar shafi ba. Haka mai rubuta takardar neman aiki a Abuja: *I am interesting in this job* ba ta faɗin abin da yake nufi, kuma mai tantancewa yana da takardu da yawa a gabansa.

Uban da yake biyan kuɗin lesin, ko da Turancinsa bai yi nisa ba, zai iya auna abin da ake koya wa ɗansa. Ya buɗe littafin aikin ya duba inda malam ya ja jan biro. In giciye ne kawai da amsar daidai a gefe, yaron bai san me ya same shi ba. Kurakuran nan iri huɗu ne, kuma kowanne maganinsa dabam: ko an kuskure aji, ko an manta jam'i, ko an manta korewa, ko an ɓata haruffa. Malamin da ya san aikinsa yakan sa alama a gefen kowane kuskure ya nuna irinsa. Bayan gwaji biyar ko shida sai a ƙirga. Wanda yawancin nasa na aji ne, nahawun jimla zai koma, ya yi ta gwajin rufe kalma da yatsa. Wanda nasa na korewa ne, gaggawa ke damunsa, sai a hana shi taɓa biro har ya karanta rubutun daga farko zuwa ƙarshe. Mai ɓata haruffa kuwa shifta yake buƙata, minti goma kullum, daga cikin dangin kalmomin da ya riga ya tara.

A ɗakin jarrabawar Cambridge ba a rage maki don amsar da ba daidai ba, saboda haka ba a barin gurbi fayau. In kalma ta ƙi zuwa, a rubuta ajin da ake zato da fensir a gefe, a wuce, a dawo mata bayan an gama sauran, a gwada ɗafa-ƙeyan wannan ajin ɗaya bayan ɗaya a zuci har a ji wanda aka taɓa gani a rubuce.